Na ci 268 a JAMB, Baba ya ce ina sauran 132?

Yaron_Ƙofar_Na'isa:
Assalamu alaikum. Shekaruna 17, ni ne babba a ɗakinmu. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa saka baki ba, yau dai abin ya cika mini ciki. Sakamakon JAMB ya fito na samu 268. A ajinmu mutum biyu ne kawai suka fi ni. Na jira Baba ya dawo daga kasuwa, na durƙusa na miƙa masa takardar. Ya duba, ya ce a kan nawa ake yi? Na ce 400. Ya ce to ina sauran 132? Ya ajiye takardar a kan tabarma ya ci gaba da cin abinci. Umma kuma cewa ta yi in je in ɗebo ruwa. Wallahi ba kuɗi nake so ba, ba kyauta ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ɗayansu ya ce na yi ƙoƙari ba. Amma in na makara minti goma bayan magariba, sai an yi kwana uku ana maganar. Yanzu in na ji ƙarar mashin ɗinsa sai in shige ɗaki. Ina son su, ba na son in zama mai saɓa wa iyaye. Ta yaya zan gaya musu abin yana damuna ba tare da an ce na yi fitsara ba?

Abu_Hanifa_Gusau:
Yaran yanzu ke nan. Mutum ya ciyar da kai, ya tufatar da kai, ya biya kuɗin jarrabawar, sannan kana jira ya tafa maka? Mu da bulala aka raine mu kuma ga mu mun zama mutane. Ka gode wa Allah kana da uban da zai tambaye ka sauran makin.

Maman_Ihsan:
Haba Abu Hanifa. Yaro ya zo da ladabi yana neman hanya, sai a rufe masa ƙofa? Ai irin wannan amsar ce ta sa yake shigewa ɗaki. Ɗana, da farko dai barka, 268 ba wasa ba ne, Allah ya sanya albarka. Ina da tambaya ɗaya: sunan wa aka sa maka, kuma da me suke kiranka a gida?

Yaron_Ƙofar_Na'isa:
Na gode Mama. Sunan mahaifin Baba aka sa mini. Baba ba ya kiran sunana, sai dai ya ce "kai" ko "ina yaron nan". Umma ma haka, sai ta ce wa ƙannena ku kira yayanku.

Maman_Ihsan:
To ka ga inda na dosa. Abu biyu ne suka haɗu a kanka: kai ne ɗan fari, kuma kana ɗauke da sunan mahaifinsa. A gidaje da yawa na Hausa da Fulani ana yi wa ɗan fari alkunya. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, don kada a ce ba ta da kara. A da ma da zarar an yaye shi sai kaka ta ɗauke shi. Ni kaina 'yar fari ce, har mahaifiyata ta rasu ban ji sunana a bakinta ba. Sai bayan rasuwarta ƙanwarta take ba ni labarin ranar da na kwanta ciwon ƙyanda, yadda ta kwana a zaure tana kuka don kada surukarta ta gani. Ban ce maka abin ba ya ciwo ba, na san yana yi. Amma ka duba ƙannenka. In su ana sakar musu fuska kai ba a sakar maka, to da alama alkunya ce, ba ƙiyayya ba.

Sadiq_Mai_Waya:
Ni dai a ganina ka faɗa musu kai tsaye abin da kake so a saya maka. Iyaye ba sa gane kwana-kwana. In waya ce ka ce waya.

Zee_Zariya:
Sadiq ka karanta kuwa? Ya ce ba kyauta yake nema ba.

Malam_Bala_Malamin_Lissafi:
Shekara 19 ina koyarwa a sakandare, kuma duk ranar karɓar sakamako ina ganin wannan. Akwai wani abu bayan alkunyar da Maman Ihsan ta faɗa, wato tsoron baki. Iyaye da yawa sun yi imani cewa in ka yabi ɗanka a fili, ko dai baki ya kama shi, ko kansa ya kumbura ya daina ƙoƙari. Shi ya sa za ka ji uba yana kushe ɗansa a gaban baƙi alhali cikinsa fal murna. Na taɓa samun uban da ya yi wa ɗansa faɗa a gabana kan C4 guda ɗaya a cikin A1 da B2, bayan yaron ya fita sai ya riƙe hannuna ya ce Malam don Allah a ci gaba da sa masa ido, shi ne fatana. Na ce Alhaji me ya hana ka faɗa masa? Ya ce in na faɗa ya lalace.

Don haka kafin ka yi magana da shi, ka yi bincike na sati ɗaya. Wa Baba yake zama da shi a kasuwa? Wa yake hira da shi bayan sallar isha'i? Ka je ka gaishe su kamar yadda aka saba. In ɗaya ya ce maka "kai ne mai 268?", to ka san labarin ya fita, kuma ba iska ce ta kai shi ba.

Abu_Hanifa_Gusau:
To ai maganata ke nan. Uba ya san abin da yake yi. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ustaz_Nura_Bichi:
Ɗan'uwa Abu Hanifa, tarbiyya daban, ƙeƙasar zuciya daban, kada mu jingina wa addini abin da al'ada ce. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Aka ba shi amsa cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Anas ɗan Malik kuma ya yi shekara goma yana yi wa Annabi hidima tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "uf" ba. Maganin tsoron baki kuma ba shiru ba ne, a yaba a ce masha Allah, a sa albarka.

Kai kuma ɗana, gaya wa mahaifi damuwarka ba saɓa wa iyaye ba ne. Abin da aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana shi ne tsaki da tsawa, kuma a cikin ayar aka ce ka faɗa musu magana ta karamci. Wato maganar ma an ce a yi ta. Ka buɗe Suratu Maryam daga aya ta 42 zuwa 45, ka ga yadda Annabi Ibrahim ya yi wa mahaifinsa magana a kan abin da ya fi naka nauyi nesa ba kusa ba, amma kowace aya da "ya babana" a bakinsa, har sau huɗu.

Zee_Zariya:
Ni nawa da Mama ne. Shekaruna 19 yanzu. Lokacin ina aji biyar na sakandare na gaji, na rubuta mata wasiƙa shafi uku na sa a ƙarƙashin filonta. Duk abin da ta taɓa yi mini na jera, har da na ranar da ta ce miyata kamar ruwan wanki a gaban ƙawayenta. Wallahi abin ya ɓaci. Ta kai wa Baba, aka tara mu da yayyena, aka karanta a fili, aka ce na fara rubuta wa uwata takardar ƙara. Wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Don Allah kada ka yi wasiƙa.

Hajiya_Goggo:
'Yata, ba wasiƙar ce ta yi laifi ba, shafi ukun ne. Kin tara laifin shekara goma kin ɗora mata a dare ɗaya, wa zai iya ɗauka? Ko ni aka yi wa haka sai na kare kaina. Babba in aka jera masa laifi, abin da yake ji shi ne an ce bai iya tarbiyya ba, daga nan kunnensa ya toshe.

Yaron Ƙofar Na'isa, ni na aurar da 'ya'ya shida, bari in faɗa maka yadda ake shiga wajen irin mahaifinka. Ka ga kuskuren farko, ka tare shi ya dawo daga kasuwa, rana ta dake shi, wataƙila an ci bashinsa ba a biya ba, ga yunwa. A wannan lokacin ko albishir ɗin kujerar Makka ka kawo, a taƙaice zai amsa. Ka nemi lokacin da cikinsa yake a sanyaye kuma babu ƙannenka a wurin, domin ba zai taɓa sassauta murya a gaban yara ba. Hanyar dawowa daga masallaci da asuba ta fi ko'ina. Kuna tafe, ba ka kallon idonsa ba ya kallon naka, kunya ta ragu ga kowa.

Sannan kada ka fara da "ba ku taɓa yaba mini ba". Ka shiga da neman shawara. Ka ce Baba, ga makin da na samu, ga darussan da ake iya nema da shi, wanne kuke gani? Uba irin wannan bai iya yabo ba amma ya iya ba da shawara, nan ne ƙofarsa. In ya yi maganar minti biyar, ka yi godiya ka ja bakinka. Kada ka ƙara komai ranar. Sai ka yi haka sau uku, sau huɗu, ya saba da muryarka a wajen da ba faɗa, tukuna ka kawo ta zuciyar. Ita ma guda ɗaya tak, kuma a kanka za ka ɗora ta, ba a kansa ba.

Yaron_Ƙofar_Na'isa:
Hajiya na gode ƙwarai. Amma ta yaya zan ɗora a kaina alhali shi ne ya faɗi maganar?

Hajiya_Goggo:
Kamar haka: "Baba, ranar da na kawo takardar nan, na kasa gane ko kun ji daɗi ko ban kai yadda kuke so ba. Ina so in sani don in san inda zan gyara, kuma ina neman ku sa mini albarka." Ka ga ba ka ce ya yi kuskure ba, tambaya ka yi. Kuma ka roƙi abin da bakinsa ya saba furtawa. Bahaushen uba da wuya ya ce ina alfahari da kai, wannan ba maganarmu ba ce. Amma "Allah ya yi maka albarka" yana da ita a baki, kuma ta fi waccan nauyi.

Issoufou_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan a kan 20 ake ba da maki. Shekarar da na yi BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, na kawo 15 a lissafi, tsohona ya ce biyar ɗin fa, ɓera ya cinye? Haka nan. Ni ban iya tunkararsa ba, ta wajen kakata na bi, mahaifiyarsa. Kun san jika da kaka akwai wasa, abin da ba ka iya faɗa wa kowa kana faɗa mata. Ita ta kira shi ta ce wannan mijin nawa ka bar hana shi barci. Bai ce mini komai ba, amma ranar kasuwa ya ba ni makullin shago ya ce in buɗe. A wajensa wannan ita ce shaida. In kakarka tana da rai ka fara da ita.

Malam_Bala_Malamin_Lissafi:
Hanyar Issoufou tana aiki, amma a kula da wanda za a aika. Sharaɗi biyu ne: ya zama wanda Baban yake jin nauyinsa, kuma mai riƙe magana. Kaka ko goggo, wato yayar uba, sun fi. Kawu na wajen uwa yana da haɗari in uban mai zafi ne, sai ya ga kamar an kai ƙararsa gidan surukai, laifin ya koma kan Umma. Abokin kasuwa kuma kada ma a fara, zai ji an tona masa asiri a waje. Kuma ka roƙi wanda ka aika kada ya ce kai ka turo shi, ya yi kamar shi ya lura ka yi sanyi.

Baban_Khalifa:
Na karanta tun daga sama, jikina ya yi sanyi, don ni ne irin uban da ake magana. Babban ɗana shekararsa 16. Ban san na taɓa ce masa ya kyauta ba. Ba don ba na gani ba, ina gani. In na buɗe baki sai in ji nauyi, kamar harshen ba nawa ba, domin ni ma ba a taɓa faɗa mini ba. Kuma akwai tsoro. Ina ganin 'ya'yan maƙwabta da shaye-shaye ya ɗauke, sai in ga kamar in na saki fuska kwana ɗaya shi ke nan. Minti goman nan bayan magariba da kake cewa, ɗana, ba minti goma yake gani ba, majalisar bakin layi yake gani. Ban ce daidai muke yi ba. Yau in Allah ya yarda zan gwada ko da kalma ɗaya ce.

Maman_Ihsan:
Allah ya ba ka iko Baban Khalifa. In bakin ya yi nauyi, ka faɗa wa mahaifiyarsa a inda yaron zai jiyo. Ya isa.

Abu_Hanifa_Gusau:
Ustaz na karɓi hadisin, ba ni da ja. Amma har yanzu ina ganin yabo da yawa yana ɓata yaro. Na ga waɗanda aka shagwaɓa, ko tsintsiya ba sa iya ɗagawa.

Malam_Bala_Malamin_Lissafi:
Rabin maganarka gaskiya ce. Yabon da ke ɓata yaro shi ne na "kai gwani ne, ba kamarka", wanda ba a jingina shi da wani aiki ba. Irin wannan yaron in ya faɗi sau ɗaya sai ya daina gwadawa. Amma ka ce "na ga yadda kake tashi karatu bayan asuba, ka kyauta", wannan aikin ka yaba, kuma aikin zai ƙara. A aji na ga bambancin da idona. Wanda ba a taɓa yaba masa ba kuma, abu biyu ne: ko ya ce tunda duk ɗaya ne bari in daina, ko ya tafi inda za a yaba masa, kuma ba kullum wurin kirki ba ne.

Nas_Rabi:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina so in ja layi ɗaya. Duk shawarwarin nan na gidan da matsalar ita ce tsauri da shiru ne. In akwai dukan da ke barin rauni, ko zagi da tsinuwa kullum, ko hana abinci, wannan ba alkunya ba ce, kuma ba yaro ne zai gyara shi da iya magana ba, sai babba ya shiga. Kai kuma ƙanena, ka ce kana shigewa ɗaki. Kana barci? Kana cin abinci? In ka kai sati biyu ba barci, ba sha'awar komai, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa maka, kada ka jira asuba ko kaka, ka faɗa wa babban da ka yarda da shi ranar, a kai ka ganin likita. Ba abin kunya ba ne.

Yaron_Ƙofar_Na'isa:
Anti ina ci ina barci, alhamdu lillah. Rabon da a dake ni tun ina firamare. Shirun ne kawai da faɗa. Kakata ta rasu, amma akwai Goggo yayar Baba a Gwammaja. Zan fara gwada ta asuba tukuna.

Zee_Zariya:
Hajiya Goggo, ni fa? An wuce shekara biyu, muna magana amma sama-sama. Akwai gyara?

Hajiya_Goggo:
Akwai. Ki same ta a madafa, ki karɓi muciya, ki ce ta koya miki miyar da ta fi iyawa. Kada ki tayar da zancen wasiƙa sai in ita ta tayar. In ta tayar ki ba ta haƙuri a kan yadda kika faɗa, ba sai kin ce ƙarya kika rubuta ba.

Yaron_Ƙofar_Na'isa:
Na dawo bayan kwana 12. Na bi Baba masallaci da asuba sau biyar. Biyun farko ban iya cewa komai ba, bakina ya ƙi buɗuwa. Na uku na tambaye shi tsakanin injiniya da harhaɗa magunguna. Ya yi shiru har muka kusa gida, sannan ya ce shi aji uku ya bar makaranta saboda mahaifinsa ya kwanta ciwo, aka ba shi rumfa. Ban taɓa sanin haka ba. Ya ce in je in tambayi wani maƙwabcinmu da ya yi jami'a, shi bai san waɗannan abubuwan ba. Malam Bala, na je kasuwa kai masa abinci, mai rumfar kusa da tasa ya ce mini "ɗan boko, an ce ka kusa ɗari uku". Ban san abin da zan ce ba.

Jiya na faɗi maganar da Hajiya ta koya mini, muryata tana rawa, rabi ma na manta. Ya ce, "Wa ya ce maka ban ji daɗi ba?" Ya ƙara sauri ya shige gida. Bai sa albarkar ba. Da daddare kuma ya yi mini faɗa a kan na bar fitilar zaure a kunne.

Issoufou_Maradi:
Wannan "wa ya ce maka" ɗin, ka riƙe ta da kyau.

Zee_Zariya:
Ni dai a ganina bai isa ba. Yaro ya roƙi albarka da bakinsa, me zai rage shi in ya ce Allah ya yi maka?

Baban_Khalifa:
Ƙara saurin nan da ya yi, na san shi. Ni ma daren da na yi alkawari ban iya ba, sai bayan kwana huɗu, kuma a kan mashin na faɗa, yana bayana riƙe da ni ba ya ganin fuskata.

Maman_Ihsan:
Umma fa? Duk mun tattara a kan Baba mun manta da ita.

Yaron_Ƙofar_Na'isa:
Ita ban san ta inda zan fara ba, ba ta zuwa masallaci kuma kullum ƙannena suna jikinta. Ranar Juma'a za ta je Gwammaja gidan Goggo, ta ce in raka ta in riƙe mata kaya. Hajiya, in yi magana a hanya, ko in bari sai mun isa gaban Goggo?